Farashin da ba a rubuta a jikin fakiti ba: lacca kan tallan lafiya da tallan kasuwa

An kwafo wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zaman ɗalibai Hausawa masu karatun kasuwanci da na kiwon lafiya a Garwa, bayan sallar la'asar.

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To a bar fankar nan tana yi, gara in ɗaga murya da mu dahu. Wanda ya zo Garwa a watan Afrilu yana neman sanyi ai shi ya so.

'Ya'yana, shugabanku ya ce in yi magana a kan aikin da aka ba da yawanku a wannan zango, wato tsara kamfen na kiwon lafiya ta hanyar dabarun talla. Na karanta wasu daga cikin daftarin da kuka rubuta, kuma kusan duk abu guda kuka yi. Kun ɗauko tsarin da aka koya muku na sayar da dunƙulen magi ko katin waya, kun goge sunan kayan, kun rubuta rigakafi ko gidan sauro a wurin. Taken kamfen ya yi daɗi, an zana riga da hula, an ware kuɗin rediyo, shi ke nan. In ni ke ba da maki, takwas cikin ashirin, kuma wannan ma don na san iyayenku. [dariya]

Zan kawo bambanci huɗu tsakanin tallan kasuwa da tallan lafiya, kuma misali ɗaya zan riƙe har ƙarshe: gudawar yara, da ruwan gishiri da sukari na fakiti, wanda a asibitocinmu ake rubuta SRO, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma suke cewa ORS, tare da ƙwayar zinki.

Tarihin a taƙaice, don na san za a tambaye ku a jarrabawa. A farkon shekarun 1950 wani Ba'amurke mai suna Wiebe ya yi tambayar da ta shahara: me ya sa ba za a iya sayar da 'yan'uwantaka yadda ake sayar da sabulu ba? A 1971 Philip Kotler da Gerald Zaltman suka rubuta maƙalar da ta raɗa wa fannin suna social marketing, wato talla don amfanin al'umma. Kayan aikin kuwa na kasuwa ne, ginshiƙai huɗun nan da McCarthy ya tsara a 1960, waɗanda kuke haddacewa da harafin P: kaya, farashi, wurin samu, da yayatawa. A nan Kamaru akwai ƙungiyar ACMS da ta daɗe tana wannan aiki, a Cadi kuma akwai AMASOT. To kayan aiki ɗaya ne, amma abin da ake yi da su ya sha bamban.

Bambanci na farko: me kuke sayarwa? Mai kamfanin magi, da zarar kin miƙa kuɗi an ba ki dunƙule, aikinsa ya ƙare. Ki sa a miya, ki ba awaki, ki jefar a Binuwai, ba ruwansa, ya riga ya rubuta ciniki a littafinsa. Ku kuwa ba fakiti kuke sayarwa ba, hali kuke sayarwa. Fakitin da aka saya aka ajiye a cikin kwalla bai ceci kowa ba. Saboda haka shafin farko na aikinku dole ya faɗi halin da kuke nema, dalla-dalla, yadda mutum zai iya gani da idonsa. "Wayar da kan jama'a game da gudawa" ba hali ba ne. Ga hali: uwar yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar, idan yaron ya yi bayan gida ruwa-ruwa sau uku ko fiye a yini, ta haɗa fakiti ɗaya a ruwa mai tsabta lita ɗaya tun a ranar, ta riƙa ba shi bayan kowace gudawa, sannan ta ba shi zinki ƙwaya ɗaya kullum har kwana goma. Kun ji tsawonsa? Wannan shi ne kayan naku. Kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ce tun 2004: zinki miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, jariri ƙasa da wata shida kuma rabin haka.

Ku lura, hali biyu ne a nan, ba ɗaya ba. Ba da ruwan abu ne na kwana biyu ko uku lokacin da hankalin uwa ya tashi. Ba da zinki abu ne na kwana goma, kuma kwanaki bakwai daga ciki yaron yana ta gudu a tsakar gida lafiya lau. Abin da ke hana na farko daban, abin da ke hana na biyu daban. Zan dawo kan wannan, in ban manta ba.

Na biyu, farashi. Nan ne nake so ku ajiye waya ku saurare ni, har da kai mai jar hula.

A darasin kasuwa, farashi shi ne lambar da ke jikin kaya. Kuna lissafa kuɗin sarrafawa, ku ɗora riba, ku duba na maƙwabci, ku yanke. A tallan lafiya farashi shi ne duk abin da uwar nan za ta rasa kafin ta aikata abin da kuke so: kuɗi, lokaci, ƙafa, barci, izini, da mutunci a idon surukarta. Ɗalibi ya rubuta "kyauta ne, saboda haka babu matsalar farashi", ya wuce shafi na gaba. A daidai wannan layin yawancin kamfen ke mutuwa.

Bari mu yi lissafi a allo. Lambobin nan na misali ne, ni na ɗora su don darasi, ku za ku je ku samo na gaskiya a unguwar da kuka zaɓa. Mu ɗauki mace mai tuyar ƙosai a bayan gari, can hanyar Pitowa. Ɗanta ɗan wata goma sha huɗu ya kwana yana zawo. Tana da hanya biyu. Ta farko, asibitin unguwa. Mai babur zuwa da dawowa, mu ce sefa 600. Kati da ganin ma'aikaci, mu ce 500. Fakiti biyu da zinki, mu ce 300, ko ma mu ce kyauta, ban damu ba. Tuyar safiyar da ba ta yi ba, mu ce 1,000. Kun ga mun kai 2,400, ko 2,100 in maganin kyauta ne. Hanya ta biyu: mai teburin magani a bakin layi, taku hamsin daga ƙofarta. Za ta aiki babbar 'yarta da sefa 100, a ba ta ƙwaya biyu ko uku na abin da kowa ke kira filajil, in ma babu kuɗin a rubuta bashi. To wanne ne mai tsada? Kyautarku ta sefa 2,100, ko cinikinsa na sefa 100? Matar nan ba jahila ba ce. Ta fi ku iya lissafi, don ita da kuɗinta take yi, ku da na baba. [dariya]

Kuma ban gama ba. Akwai farashin izini. Maigida ya fita tun asuba, yana gona ko kasuwa, wataƙila sai dare. A gidaje da yawa ba za ta ɗauki yaro ta fita ba tare da saninsa ba, kuma kuɗin ma a aljihunsa yake. Idan kamfen ɗinku mata kaɗai yake yi wa magana, kun yi wa wadda ba ta riƙe da mabuɗi wa'azi. Akwai farashin suruka. Kaka ta duba yaron ta ce zawon haƙori ne, kowane yaro yana yi, zai wuce. Ko ta taɓa kansa ta ce maɗiga ce ta faɗa, a nemo mai maganin maɗiga. Alhali faɗawar maɗigar nan alama ce ta ruwan jikin yaro ya ƙare, ita ce ma ya kamata ta sa a gudu asibiti. Yarinya 'yar shekara goma sha tara za ta musa wa uwar mijinta saboda ta ji wata waƙa a rediyo? Hajiya, ke da kike dariya a gaba, ke za ki yarda? To kun gani.

Sannan akwai farashin aikin kansa. Fakitin ya ce lita ɗaya. Mene ne lita ɗaya a gidan da babu ma'auni? Robar ruwan da ta fi yawa a gari ta lita ɗaya da rabi ce. In ta cika ta, ruwan ya tsinke, ya rage ƙarfi. Wannan ma da sauƙi. Mai haɗarin shi ne ta juye fakitin duka a kofi ɗaya don tana ganin maganin zai fi ƙarfi: gishiri ya yi yawa, kuma hakan na iya cutar da yaron sosai. Ruwan dole ya zama mai tsabta, wato tafasawa, wato itace ko gawayi, wato kuɗi kuma. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar, a haɗa sabo, kuma zubar da magani abu ne da ke yi wa talaka ciwo a rai. Yaro ƙasa da shekara biyu ana ba shi kamar mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Wannan zama ne na dare guda cur da cokali a hannu, ga mai aiki da asuba. Duk wannan farashi ne. Ba a rubuta shi a jikin fakiti ba, amma ita take biya.

Ga kuma babban abin, wanda mai tallan magi bai taɓa fama da irinsa ba. Magi, kina jefawa a miya kina jin daɗinsa a daren. Ladan nan take ne, a kan harshe. Ruwan gishiri da sukari kuwa ba ya tsayar da gudawa. In sake faɗa: ba ya tsayar da gudawa. Yana mayar da ruwa da gishirin da jiki ke zubarwa ne, don kada yaro ya bushe ya mutu kafin cutar ta wuce. Uwa kuwa me take so? So take zawon ya tsaya. Ta ba da ruwanku, yaro ya sake yi, sai ta ce wannan abu ba ya aiki. Ta ba da ƙwayar mai tebur a rana ta biyu, rana ta uku zawon ya tsaya da kansa, kamar yadda yawancin gudawar yara take tsayawa da kanta, sai ƙwaya ta kwashe yabo. Ladan naku shi ne abin da bai faru ba: yaron bai mutu ba. Yaya za ka tallata abin da bai faru ba? Ba wanda ke yin walima don ɗansa bai mutu ranar Talata ba.

To me ake yi? Ba ƙarya ake yi ba. Mai tallan kasuwa yana iya cewa sabulunsa zai sa miji ya daina kallon waje, kowa ya yi dariya a wuce. Ku in kuka ce ruwan nan yana tsayar da zawo, za a gwada sau ɗaya, a ga ba haka ba ne, kuma daga ranar duk abin da ya fito daga bakin ma'aikacin lafiya an sa masa alamar tambaya, har allurar rigakafi. Kun san abin da ya faru a Kano a 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna saboda rashin yarda, cutar ta tsallako har ƙasashen maƙwabta. Yarda jari ce ta kowa da kowa, ba taku ce ku kaɗai ba da za ku kashe. Abin yi shi ne ku nemo ladan da yake gaskiya kuma uwa za ta gani da idonta da wuri. Yaron da ya yi laushi zai farfaɗo, zai buɗe ido, zai karɓi nono, zai yi fitsari. Ƙarfi ne yake dawowa. Wannan gaskiya ne, kuma ana ganinsa cikin awoyi. Zinki kuma shi ne abokin tafiyar da ke ba ku abin da uwa take nema: ƙwaya ce, tana rage tsawon kwanakin gudawar da tsananinta, kuma tana rage yiwuwar dawowarta na wata biyu zuwa uku. Shi ya sa haɗa su a kwali ɗaya dabara ce ta talla, ba ta likitanci kaɗai ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan haɗin a jerin muhimman magungunan da bai kamata a rasa ba.

Wannan ya tuna mini da Zambiya. Wata ƙungiya mai suna ColaLife ta fara da tunanin cusa maganin a tsakanin kwalaben lemo a cikin akwaku don ya kai ƙauye. Da suka zauna da iyaye mata sai suka gano ba nan matsalar take ba. Suka ƙanƙanta fakitin ya zama na mililita 200, suka mai da robar da aka zubo kayan a ciki ta zama ita ce ma'aunin ruwa kuma ita ce kofin sha. Ba su ƙara wa'azi ba, kayan suka gyara, farashin wahala ya sauka. A aikinku, kafin ku rubuta ko kalma ɗaya ta waƙar rediyo, ku tambayi kanku: me zan cire daga nauyin da ke kan matar nan?

Ina muke? Na uku ko? A'a, har yanzu muna kan farashi, ku yi haƙuri, akwai saura ɗaya. Za ku ji ana cewa abin da aka ba mutum kyauta ba ya daraja shi, gara a sa ɗan kuɗi. Maganar tana da daɗin faɗa, kuma shekaru da yawa a kanta aka gina tallan lafiya. Masu bincike biyu, Jessica Cohen da Pascaline Dupas, sun gwada ta a Kenya da gidan sauro a asibitocin awon ciki, aka buga sakamakon a 2010. Wasu mata aka ba su kyauta, wasu aka sayar musu da rahusa ƙwarai. Ɗan kuɗin nan ya kori mafi yawan masu karɓa, kuma waɗanda suka samu kyauta ba su gaza waɗanda suka saya ba wajen kwana a ciki. A nan ƙasar ma tun 2011 rabon gidan sauro na gama-gari kyauta ake yi. Ba ina cewa kada a taɓa sayar da komai ba. Sayarwa tana da amfaninta, tana sa kaya su zauna a shago ko bayan kuɗin masu tallafi ya ƙare. Amma in kun sa farashi a aikinku, ku kawo dalili, kada ku kawo karin magana.

To, na uku da na huɗu zan haɗa su, lokaci ya tafi. Wa kuke nema? Ɗan kasuwa yana bin mai kuɗi da mai sauƙin kaiwa, ƙauyen da mota ba ta shiga da damina ya bar shi, kuma bai yi laifi ba. Ku kuwa ainihin mutanenku su ne waɗanda shi ya bari. Kuma damina, lokacin da gudawa da zazzaɓi suka fi yawa, ita ce lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hanya ta yanke, kuɗin auduga ya daɗe da ƙarewa. Saboda haka wurin samu mafi kyau shi ne cikin ɗakin uwar, kafin yaron ya kwanta: a kai kwali gida-gida a watan Mayu ko Yuni ta hannun ma'aikatan lafiya na gari. Yayatawa kuma, fosta da Faransanci a unguwar da ake jin Fulatanci da Hausa ado ne kawai. Ku nemi limami, ku nemi lawan da jauro, ku nemi ungozoma, ku je gidan suna. Shi ke nan, wannan kun fi ni sani.

Abin da ba ku sani ba shi ne na huɗun, wato awo. Mai magi yana buɗe littafin ciniki ya san ko tallansa ya yi aiki. Ku ba ku da wannan littafi. Sai ɗalibi ya rubuta: za mu raba fosta dubu biyu, za mu yi shiri ashirin a rediyo. Wannan lissafin gajiyarku ne, ba lissafin sakamako ba. Ku dubi Bangaladesh. A 1971, lokacin yaƙi, likita Dilip Mahalanabis ya yi amfani da wannan ruwa a sansanin 'yan gudun hijirar ƙasar da ke Indiya, inda kwalara ta ɓarke, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Amma sanin likita bai isa ba. Daga 1980 zuwa 1990 ƙungiyar BRAC ta aika mata gida-gida, gidaje sama da miliyan 12, suna koya wa iyaye mata haɗa shi da gishiri da mazarƙwaila. Abin da nake so ku riƙe shi ne yadda ake biyan masu koyarwar. Ba a biyan su bisa yawan gidajen da suka shiga kaɗai. Bayan wani lokaci wasu daban suke zuwa su zaɓi gidaje, su ce wa uwa ta faɗi abin da aka koya mata, ta haɗa ruwan a gabansu, a auna gishirin. Albashin ya danganta da abin da uwar ta iya. Ku ma haka: ma'auninku shi ne cikin yaran da suka yi gudawa a mako biyu da suka wuce, nawa aka ba ruwan, nawa aka ba zinki. Ita ce tambayar da babban binciken lafiya na ƙasa yake yi, har na 2018, don haka kuna da abin kwatantawa. Zinki kuma, yauwa, na ce zan dawo: ku koma gidan a rana ta goma sha ɗaya ku ce a nuna muku katin ƙwayoyin. In kun tarar da bakwai a ciki, an ajiye wa gudawa ta gaba, kamfen ɗinku ya sayar da hali ɗaya ya bar ɗaya.

Na ga hannu. Bismillah, 'yata.

Wata ɗaliba: Malam, ni a unguwarmu kowa wurin mai tebur yake zuwa. A aikin namu, mu rubuta shi a matsayin abokin gaba da za a yaƙa, ko yaya?

Madalla da wannan tambaya. A darasin kasuwa, abokin hamayya wani kamfani ne, burinki ki ƙwace masa kasuwa. A nan kuwa mutumin ba kamfani ba ne, maƙwabci ne, yana buɗe har tsakar dare, yana ba da bashi, ya san sunan yaron. A takarda, sayar da magani a tebur ba bisa ƙa'ida yake ba, kuma dole ki faɗi haka a aikinki, ba zan ce ki rubuta cewa ma'aikatar lafiya ta ɗauke shi aiki ba. Amma ki bambanta shi da masu ƙananan shaguna da masu kantin magani na halal, waɗanda za a iya sa musu kwalin a kanta. Kuma ko shi ɗin, in kika yi kamar babu shi, lissafinki ya rushe tun daga tushe, don shi ne sefa 100 ɗin nan da ke allo.

Yawancinmu muna ɗauka riba ce kawai take sa mai sayarwa ya miƙa ƙwaya maimakon fakiti. Akwai wani bincike da aka yi a Indiya, aka buga a mujallar Science a 2024. An horar da mutane suka riƙa zuwa wurin masu ba da magani kamar iyayen yaro mai gudawa. Wasu ba su ce komai ba, wasu suka nuna suna son ruwan gishiri da sukari. Abin da aka gano shi ne babban dalilin da ke hana a ba da shi ba riba ba ce, ba kuma ƙarewar kaya ba ce. Mai maganin ne yake zaton uba ko uwa ba sa so, za su raina shi in ya ba su gishiri da sukari. Da zarar mai saye ya ambaci abin da bakinsa, sai ba da shi ya ƙaru sosai. Indiya ce, ba Garwa ba, kada ki kwafo ki manna. Amma ya ba ki abin gwadawa. Wataƙila halin da za ki tallata ba "ki ba ɗanki ruwan" ba ne, "ki tambaye shi da sunansa" ne. Yarinyar da aka aika da sefa 100 ta iso tebur ta ce inna ta ce SRO da zinki. Wannan jimla ɗaya ce, ana iya koyar da ita a gidan suna cikin minti biyu.

Yadda za ki gano kuwa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Akwai hanyar da ake kwatanta masu yi da marasa yi. Ki nemo iyaye mata 45 da suka ba da ruwan a gudawar ƙarshe, da 45 da ba su ba da ba, a unguwa ɗaya. Ki yi musu tambayoyi iri ɗaya: me ya sauƙaƙa, me ya wahalar, wa zai yarda, wa zai hana, ina ake samu da dare. Abin da ɓangarorin biyu suka faɗa daidai wa daida, ki bar shi, ba shi ne dalili ba. In duka sun san sunan ruwan, to sani ba shi ne matsalar ba, kada ki ɓata kuɗin rediyo a kansa. Inda amsoshin suka rabu da tazara mai yawa, kamar maki 15 cikin ɗari ko fiye, nan za ki haƙa. In masu yi suna cewa maigida ya bar kuɗi a gida, marasa yi suna cewa sai ya dawo, to kamfen ɗinki na majalisar maza ne da ƙofar masallaci. Ku haɗu ku shida ku raba gidajen, kowa goma sha biyar. Ku nemi izinin shugaban asibitin yankin da mai unguwa kafin ku shiga gidan kowa, kuma gidan da ake kulle mata ne za su shiga, samari ku tsaya a zaure ku yi hira da masu gida, amsarsu ma tana da amfani. In kuka tarar da yaro yana zawo da jini, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ku ajiye takardar tambayoyi ku taimaka a kai shi asibiti nan take.

An kira salla ko? To sauran hannayen sai bayan magariba, wanda zai iya tsayawa ya same ni a ƙarƙashin dalbejiyar nan. Shugaba, kada a goge allon tukuna, na ga wasu ba su gama kwafar lissafin ba.